Jar fitilar batir ta kama ni da dare: batir zan saya ko altaneta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, shekarata ɗaya da fara jan mota, Corolla 2006 ta yayana nake lodi da ita. Ran Talata na taso daga Yauri da fasinja huɗu bayan isha'i. Na wuce Maiyama kaɗan sai wata jar fitila mai hoton batir ta kama a dasbod. Tsoron tsayawa a daji ya sa na ci gaba. Sitiyari bai yi nauyi ba, allurar zafi ma ba ta motsa ba, amma fitilun gaba suka riƙa dushewa har na lallaɓa na shiga Jega. Da safe mota ta ƙi tashi. Mai sayar da batir ya ce batir ne ya mutu, mai wayarin ya ce altaneta ce. Batirin watansa takwas. Wanne zan saya? Kuma na yi daidai da ban tsaya ba?
— Ƙaninka daga Jega

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna, kada ka sayi ko ɗaya sai an auna. Amma in ka ce lallai in faɗi wanda na fi zargi, mai wayarin ya fi kusa da gaskiya. Mai batir kuwa, ai ba a tambayar mai tsire ko nama na da amfani.

Hoton da ke jikin fitilar nan shi ke yaudarar mutane. An zana batir, amma abin da take cewa shi ne caji ya daina shiga. Aikin batir a mota kaɗan ne: ya juya kik inji ya tashi, shi ke nan. Daga nan altaneta ce ke ɗaukar nauyin komai, fitilu da famfon mai da fulogogi da fankar lagireto, tana kuma mayar wa batir abin da ya kashe. Batir randa ce, altaneta ce mai ga-ruwa. In mai ga-ruwa ya daina zuwa, gida zai ci gaba da sha daga randa har ta ƙafe, kuma sayen sabuwar randa ba zai dawo da shi ba. Ka sa sabon batir yau mota za ta tashi tsaf, mai shago ya ce ka gani ko, gobe da dare ta sake ajiye ka a hanya.

Dushewar fitilunka ma lissafi ne mai sauƙi. Ƙwan fitilar gaba ɗaya wat 55 yake ci, biyun sun kai amfiya tara. Haɗa da fitilun baya, famfon mai, fulogogi da kwamfutar inji, za ka ga mota na jan amfiya ashirin zuwa talatin da dare. Batirin irin motarka bai wuce amfiya-awa 60 zuwa 75 ba, kuma ba ya ba da duka kafin ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da abin da inji zai iya aiki da shi. Shi ya sa da dare abin da ke hannun direba rabin awa ne zuwa awa guda, in batirin na da lafiya. Da rana ana samun fiye da haka. Kai ka ci sa'a tsakaninka da gari ba nisa.

Kan batun tsayawa, ba zan ce ka yi laifi ba. Duk wanda ya san hanya ya san tsayuwa cikin daji da tsakar dare, da amanar mutum huɗu a mota, shi ma haɗari ne. Kuma ka duba abubuwa biyun da ya kamata a duba, ko da ba ka san darajarsu ba a lokacin. A injin irin Corolla ɗinka bel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwa da famfon sitiyari da na'urar sanyi. Da a ce fambel ne ya tsinke, sitiyari zai yi tauri nan take, cikin 'yan mintuna allurar zafi ta haura. A nan babu zancen lallaɓawa, domin ruwa ya daina zagayawa, kuma ƙarshenta gasket ya ƙone ko kan inji ya karkace, kuɗin bel ya koma kuɗin sauke inji. Tun da naka sitiyari lafiya, allura na tsakiya, bel na nan, ci gaba zuwa gari mafi kusa shi ne daidai. Abin da ya rage maka ka yi shi ne rage wa batir kaya: kashe na'urar sanyi da fanka da rediyo, fasinja su zare cajar waya, ka sauke fitila daga babba zuwa ƙarama, kuma kada ka kashe inji sai a inda ka yarda ka kwana. In motarka mai giyar otomatik ce, tura ba ta tayar da ita.

Sai dai ina tsoron kada wannan sa'ar ta koya maka mugun darasi. Ba kowace jar fitila ake yi wa haka ba. Mai hoton 'yar buta da ɗigo a bakinta, ta baƙin mai ke nan, ma'anarta mai ba ya isa cikin inji da ƙarfi. Ita ba ta ba da rabin awa, wani lokaci ko minti biyar ba ta bayarwa kafin inji ya buga. In ta kama kana tafiya, ka gangara gefe ka kashe, ka jira minti biyar, ka zaro sandar awon mai ka goge ka mayar ka duba. In mai ya sauka ka ƙara. In mai na nan daidai amma fitilar ta ƙi mutuwa, motar sai ja.

Mu koma kan taka. Ka je wurin mai wayarin da ke da mita, ka tsaya a kansa ka ga lambar da idonka. Fara kai batirin caji, irin na a hankali wanda ake bari ya kwana, domin awo da batirin da ya zube gaba ɗaya ba ya faɗin gaskiya. Bayan an cire shi daga caji a bar shi ya huta wasu awanni. Lafiyayyen batir zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In 12.2 ya nuna, rabinsa ne kawai. A ɗaura shi a mota, a sa mita a kansa, ka murza makulli: lokacin da kik ke juyawa bai kamata ya faɗi ƙasa da bolt 10 sosai ba. In ya ci wannan jarrabawa, batirinka na nan da ransa. Mai wata takwas ba kasafai yake mutuwa don ya zube sau ɗaya ba. Abin da ke kashe shi shi ne a bar shi a zube kwana da kwanaki, saboda haka kada ka jinkirta cajin.

Da inji ya tashi sai a sake aunawa. Altaneta mai aiki tana ɗaga lambar zuwa tsakanin 13.8 da 14.5. Ka kunna manyan fitilu da fanka, ka ɗan ba ta wuta, ya kamata ta tsaya sama da 13.5. In ka ga tana 12 da wani abu tana sauka, caji ba ya zuwa. In ta haura 15 shi ma ciwo ne, tana dafa batir. Abu ɗaya da nake roƙonka: in ya ce bari ya cire kan batir inji na aiki don a ga ko mota za ta mutu, ka riƙe hannunsa. Dabarar zamanin motocin kafireto ce. A mota mai kwamfuta wutar da ke tsalle a wannan lokaci tana iya ƙona abin da ya fi altanetar tsada.

Ko an tabbatar caji ba ya zuwa, kada a yi saurin kwance altaneta. A duba kan batir ko ya yi farin gishiri ko ya saki. A duba soket ɗin da ke bayan altaneta da kakkaurar wayar da ke fita daga gare ta, hanyoyinmu na girgiza su. A buɗe akwatin fis da ke cikin bonet a nemi babban da aka rubuta wa ALT. Na sha ganin an sayi altaneta alhali waya ce ta ci tsatsa.

In duk waɗannan lafiya, to a sauke ta a buɗe. Mafi yawan lokaci abin da ake tararwa kabon ne ya cinye. Wasu 'yan gawayi ne guda biyu da ke goga a jikin sandar da ke juyawa, kuma ƙarewa suke kamar takalmin birki. Ka tuna baya: in kwanakin nan fitilar ta taɓa ƙyaftawa ta ɗauke, musamman in ka ba da wuta, to kusan su ne. Canza kabon, ko na'urar da ke daidaita ƙarfin caji, gyara ne mai araha, kuma ni na fi son a gyara altanetar da mota ta zo da ita a kan a sayo wadda ba a san tarihinta ba. Gurnani daga jikinta boris ne, shi ma ana canzawa. Amma in an buɗe ka ji ƙauri, wayoyin tagullar ciki sun yi baƙi, ban ba ka shawarar naɗi ba ga motar da ke neman abinci da dare. A nan ne za ka saya.

Tsakanin sabuwa mai arha a kwali mai ƙyalli da 'yar Beljiyam ta asali, zan ɗauki 'yar Beljiyam, bisa sharaɗi. Tafi da tsohuwar a hannunka, ka jera su: soket iri ɗaya, ramukan ƙusa iri ɗaya, layukan fule adadi ɗaya, lambar amfiya da ke jikin takarda kada ta gaza ta tsohuwar. Ka juya fulen da hannu, ka ji yana tafiya sumul ba ƙara. Ku yi magana da mai kaya a gaban shaida cewa sai an ɗaura an auna, in ba ta ba da caji ba ka dawo da ita, ya rubuta a rasit. A Jega ko Birnin Kebbi duk wanda ya yarda da kayansa ba zai ƙi wannan ba.

Tun da an riga an sassauta bel, ka juya shi ka duba cikinsa. In ya tsattsage ko yana sheƙi, sa sabo, tsohon ka jefa a but don ranar tsiya. Canjin da ya rage daga kuɗin batirin da ba ka saya ba, ka nemi 'yar mitar nan da ake soka wa a ramin caja, wadda ke nuna bolt kana tuƙi. Kafin ka yi lodi a Yauri ka kunna fitilu ka dube ta. In ta nuna ƙasa da 13 inji na aiki, ka kwana a tasha, ka kira yayanka ka faɗa masa dalili.