Hotunan Mota Uku, Wacce Zan Biya Wa Kafin Alƙalami?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina sana'ar albasa tsakanin Aliero da Jega, yanzu ina son in gwada saye da sayar da mota. Wani dillali a Kano ya turo mini hotunan Corolla 2010 guda uku. Fara tana da hoto 5, tana ƙyalli kamar sabuwa. Ruwan toka hoto 8, an ce sabon fenti ce. Baƙa hoto 16, ita kuwa duk ƙarzuwa, kuma fara ta fi ta tsada da naira 400,000. Raina ya kwanta da farar. Yaya zan jera su kafin in tura kuɗi?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a sabuwar sana'a.

Da ni ne, baƙar zan sa a sama, ruwan tokar a tsakiya, farar da ranka ya kwanta da ita kuwa a can ƙasa. Ka fi ni sanin yadda ake jera buhun albasa, manya masu sheƙi a baki, abin da ke tsakiya sai an zazzage. Hoto 5 bakin buhu ne. Wanda ya ɗauki hoton shi ya zaɓi inda zai tsaya da lokacin da zai ɗauka, don haka abin da za ka fara ƙirgawa shi ne ɓangarorin motar da aka bar ka ka gani. Duk ɓangaren da ba a nuna ba, ka rubuta shi a matsayin mai aibi har sai an turo hotonsa.

Koma kan hotunan farar, ka dubi ƙasan da take tsaye. Idan simintin a jiƙe yake, ko akwai ɗigon ruwa a gilashi, to daga wanki aka ɗauke ta. Ruwa yana cike ƙarzuwa, ya mayar da fentin da rana ta cinye ya yi sheƙi, minti kaɗan bayan ya bushe komai ya dawo. Ga kuma launin kansa. Fari da ruwan toka suna ɓoye lotsawa, domin inuwar da ke tona ramin ba ta fita sosai a kansu, baƙi kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Shi ya sa baƙar ta fi muni a ido, alhali mai yiwuwa ta fi su lafiya. Haske ma yana da nasa aikin: hoton bayan la'asar sakaliya, ko na ƙarƙashin rumfa, ko na ranar da hazo ya rufe gari, yana shafe tudu da kwarin jikin mota ta fito sumul.

Sannan ka lura da inda mai hoton ya tsaya. Dillalai suna son durƙusawa ta kusurwar gaba, fitila ɗaya da gefe ɗaya su fito, motar ta yi kwarjini. Daga nan ba a ganin rufi, wanda shi ne rana ta fi ci, ba a ganin ko bonet ya zauna daidai. Ka ƙirga da kyau, a hoto biyar ɗin nan sau nawa gefen direba ya fito, sau nawa ɗaya gefen ya fito? In duk gefe guda ne, ka ga inda tambayarka ta farko take.

Ruwan tokar ce ta fi buƙatar natsuwa. Sabon fenti ba laifi ba ne, amma ba a ɗaukar mota a kai wa mai fenti haka kawai. Ko rana ce ta ƙona na asali, ko kuwa an yi karo, fanalbita ya buga ya cike da fila aka rufe. Na farko ragin kuɗi kaɗan ne. Na biyu shi ke cinye riba, domin fila mai kauri ba ta jure zafin Maris da Afrilu na Kebbi da girgizar hanyoyin ƙauye, sai ka ga ta fara tsagewa kamar ƙasar fadama da rani, watakila a hannun wanda ka sayar wa, ya dawo maka da ita.

Hoto yana iya tona wannan idan ka san abin da za ka nema. Ka ce wa dillalin ya tsaya a bayan motar, ya jingina wayar kusa da jikinta, ya ɗauko tsawon gefen har gaba, da rana, motar a bushe. Ka dubi hoton katanga ko falwaya da ke fitowa a jikin ƙofofin kamar a madubi. A ƙarfen da ba a taɓa ba layin yana tafiya a miƙe, inda aka sa fila kuwa sai ya yi lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Ka dubi ratar da ke tsakanin bonet da fenda hagu da dama, ya kamata faɗinsu ya zo ɗaya. A buɗe bonet a ɗauko kusoshin da suka riƙe fenda: in fentin kansu ya ɓare, sifana ta hau su, an taɓa cire fendar. Robar gilashi da ta ƙofa kuma in ka ga feshin fenti a gefenta, ba aikin kamfani ba ne. Abu ɗaya kada ya tsorata ka: bamba roba ce, launinta yakan ɗan saɓa da na ƙarfe ko a motar da ba a taɓa fesawa ba.

Na taɓa raka wani ƙanena Gusau duba wata mota da muka sha kallon hotunanta har muka ƙulla ciniki a zuci. Da muka isa na ce a ɗaga kafet ɗin but a fitar da safaya. Ramin safayar a tattare yake kamar takardar da aka dunƙule aka sake miƙewa, ga sawun walda an shafe shi da baƙin fenti. An daki motar ta baya sosai. Hotuna goma sha aka turo mana, babu ko ɗaya na wannan rami, kuɗin motar da muka shiga da yininmu suka tafi a banza. Tun ranar ba na tashi zuwa ganin mota sai an turo mini hoton ramin safaya.

Ka roƙi waɗannan hotuna iri ɗaya a kan duka ukun, domin ba a gwada hoto 5 da hoto 16. Ka haɗa da dashbod injin yana aiki, da lambar VIN, wato lambar shaidar motar, mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. In motar daga Amurka ta zo, alama ta goma a lambar ita ce shekarar ƙira, A na nufin 2010, 9 na nufin 2009. Ka rubuta lambar a Google, sau da yawa hotunan wurin gwanjo suna fitowa, ka ga motar yadda take kafin a gyara ta. Ka ce a turo su ta WhatsApp a matsayin Document, don hoton da aka tura kai tsaye ana matse shi, in ka buɗa shi sai ya dushe.

In baƙar ta tsallake wannan, ƙarzuwarta abu ne da mai fenti a Birnin Kebbi zai kalla ya yanka maka kuɗinsa, ka cire daga 400,000 ɗin nan ka ga abin da ya rage. Aibin da aka san kuɗin gyaransa ana iya ciniki a kansa.

Amma jerin nan amfaninsa ɗaya ne, ya nuna maka wacce za ka fara gani in ka sauka Kano. Hoto ba ya jin ƙarar inji, ba ya sanin ko giya tana fizga, ba ya shaƙar warin motar da ta sha ruwa. Ka tafi da makanikenka, ka sa ɗan mayen ƙarfe mara ƙarfi a aljihu, ka naɗe shi da ƙyalle ka bi ƙofofi da fenda da shi, inda ya saki to fila ce a ƙasa. Kafin alƙalami kuwa ka riƙe shi tukuna. In dillalin ya matsa cewa wani zai ɗauke farar gobe, ka ce masa ya fara turo hoton ɗaya gefen da na ramin safaya.