Rimot ɗaya ga talabijin, saundba da dikoda

"Oga, na haɗa wa wani Alhaji talabijin da saundba da dikoda. Rimot ɗin talabijin yana ƙara murya yana ragewa, amma ya ƙi canza tasha a dikoda. Ina na kuskure?"

Wataƙila ba ka kuskure ba, yarona. Tunda murya tana amsawa, CEC, wato tsarin da na'urori ke ba juna umarni ta wayar HDMI, na aiki tsakanin talabijin da saundba. Dikodar ce abar bincike.

Cikin bakin wayar HDMI akwai fil 19. Na 13 shi kaɗai ne na CEC, kuma ta wannan siririn layi duk na'urorin da ka jona suke aika wa juna umarni. Amma kowane kamfani yana zaɓar umarnin da na'urarsa za ta ji. Kunnawa, kashewa da murya su ne aka fi samu. Miƙa maɓallan rimot zuwa dikoda kuwa sai ita dikodar ta yarda, kuma da yawa daga masu araha da muke sayowa a kasuwa ba su san CEC ba sam. Shiga saitinta ka nemi `HDMI-CEC`. Idan babu, kuma ba ta fito a jerin na'urorin da talabijin ya gano ba, kada ka wahalar da kanka da canza waya. Ko da akwai, sau da yawa kibiyoyi da `OK` za su yi, lambobin tasha su ƙi.

A talabijin sunan CEC yakan sauya: Samsung `Anynet+`, LG `SIMPLINK`, Sony `BRAVIA Sync`. Saundba kuma ramin da aka rubuta `ARC` za ka sa, a ɓangarorin biyu. Wayar haske, wato optikal, tana kai sauti, ba ta kai umarni.

Akwai abin da nake so ka kiyaye, don ya taɓa ba ni kunya. Na yi wa wani gida haɗi, kwana biyu mai gidan ya kira ni wai talabijin yana kunna kansa da tsakar dare. Ashe in an kawo wuta dikodar ce take tashi, ta aika wa talabijin umarnin ya kunnu ya koma kanta, saundba ma ta bi. Na kashe CEC a dikodar kaɗai, na bar na sauran biyun, abin ya tsaya.

In kuwa wata rana komai ya daina amsawa, zare duka daga soket, ka cire wayoyin HDMI, ka jira minti biyu. Fara da talabijin da saundba, ka gwada murya, sannan ka ƙara dikoda. Idan da shigarta murya ta ɗauke, ita ke danne layin.

Ka koma ka faɗa wa Alhaji gaskiya: in dikodarsa ba ta da CEC, rimot biyu zai riƙe, ko ka samo masa rimot mai koyo ka kwafe maɓallan dikodar a ciki.