Alat ɗin waya ba kuɗi ba ne

"Oga, na karɓo na'urar POS ɗina. Yaya zan haɗa ta, kuma yaya ake karanta rahoton cinikin rana?"

Haɗawa kuma? Sa layi da takardar rasit har sai an koya maka? Ku yaran yanzu kuna kwana kuna latsa waya, amma an zo kan abin da za a ci abinci kun zama 'yan kallo. Ka dai canza lambar sirrin da ta zo da ita, kada ka ba kowa, ko ɗan uwarku ɗaya.

Rahoton ne ya sa na kula ka. Da dare ka fitar da `End of Day`, wato rahoton cinikin ranar, ka bi shi layi-layi. Wanda aka rubuta `Approved` shi kaɗai ne kuɗi. `Declined` ba naka ba ne, ko da mai katin ya dafa Alƙur'ani.

Akwai wani mutum, babbar riga, hula ta sha kari, ya zo wata Juma'a ina masallaci, ya ce zai cire dubu 150. Yaron da na bari ya sa kati, na'ura ta fito da `Declined`, lamba `91`, wato bankin mai katin bai amsa ba. Sai ga alat a wayarsa cewa an cire. Ya ɗaga murya, ya tara mutane, wai mahaifiyarsa na asibiti, wai mu ɓarayi ne. Yaro ya tsorata ya ƙirga masa. Shi kuwa ya san abin da yake yi sarai: irin wannan kuɗin banki ke mayar wa mai kati, ko sisi ba ya shigowa wurinmu. Ya ci biyu ke nan. Na bi sawunsa har unguwar da ya faɗa, aka ce ba a taɓa jin sunan ba. Har yau in na ga mai irin hular nan sai raina ya ɓaci. Da yaron ya miƙa masa rasit ɗin, ya nuna masa lambar `RRN`, wato lambar shaidar cinikin da ke jikin rasit, ya ce ya kai bankinsa, da magana ta ƙare.

Lissafin kuwa, a ce ka buɗe da tsabar dubu 200 a durowa, dubu 50 a asusu. Rahoto ya nuna `Approved` na dubu 160, ka karɓi caji 3,200 a hannu, kamfani ya yanke 800. To durowa 43,200 za ta nuna, asusu 209,200. Jimla 252,400, ribarka 2,400. In durowa ta gaza, to ko dai ka biya wani a kan `Declined` ne, ko ka yi kuskuren ƙirga. Ɗauko rasitan ranar ka gwada da rahoton ɗaya bayan ɗaya, a daren, kafin ka ci tuwo. In lambar `RRN` ɗaya ta fito a rasit biyu, sake bugawa aka yi, ciniki ɗaya ne.