Yadda ake gano alamar ɓoye a rubutun na'ura

“Ta yaya ake gane alamar da ido ba ya gani?”

Malam, ƙirge ake yi. A tsarin da masanan Jami'ar Maryland suka fitar a 2023, kafin na'urar da ke ƙirƙirar rubutu ta zaɓi kowace kalma, wani mabuɗin sirri kan raba duk kalmomin da ta sani gida biyu da ake kira kore da ja, bisa kalmar da ta gabata, sai a ɗan fifita koren.

Mai bincike zai sake rabon da mabuɗin, ya ƙirga. Idan rabi da rabi ne, cikin kalma 200 rubutun mutum zai ba da kore wajen 100. In aka samu 140, ya wuce dace, alama ce na'ura ta rubuta.

Abin da ke damuna shi ne gajeren rubutu, domin kalma 20 ba ta isa hujjar zargin ɗalibi da amfani da na'ura ba.