Me zan faɗa a tallar kayan lambu da nake kai wa gidaje duk sati?

Tambaya: Salam. Ina sayar da kayan lambu, yanzu ina so in riƙa kai wa mutane har gida duk sati. Na yi talla ta murya na ce kayana sababbi ne, masu kyau, ga sauƙi, sai "Allah ya ba da kasuwa" kawai nake samu, oda kuwa shiru. Don Allah me ya kamata in faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ai duk mai sayar da kayan lambu haka yake cewa, ba wanda zai fito ya ce nasa sun kwana uku. Wadda ta saurare ki ba ta ji abin da za ta yanke shawara a kai ba, ba ta san me za a kawo mata ba, yaushe, kuma nawa. Su za ki zuba mata a kunne. Tallar murya kar ta wuce daƙiƙa 30 zuwa 40, wato kalmomi 70 zuwa 90 idan kina magana a natse. Ga misali:

"Uwargida, kin gaji da fita cefanen kayan lambu duk sati? Duk ranar Asabar, daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe, za mu kawo miki kwando har ƙofar gida: tumatir kilo 2, albasa kilo 1, karas rabin kilo, kabeji ɗaya, latas da alayyahu ɗauri bibbiyu. Ganyen Juma'a da yamma ake yanko shi. Abin da ya zo a lalace ki turo hotonsa a ranar, mu canza miki. Kwando naira kaza ne, har da kuɗin kawowa. Turo suna da adireshi ta wannan lamba kafin Alhamis da daddare."

Kin ga ko sau ɗaya ban ce "sababbi" ba, na faɗi ranar da aka yanko ganyen, mai saurare ita za ta yi lissafi da kanta. Amma fa sai in gaskiya ne. In saro kike yi ba ki san ranar da aka cire ba, ki ce "da asubar ranar muke ɗauko su", in haka kike yi. Haka maganar "ba taki ba feshi", in ba da idonki kika ga yadda ake noman ba ki bar ta, kwastoma ɗaya ta kama ki shi ke nan, labari ya zaga.

Wancan "kafin Alhamis da daddare" ɗin kar ki cire shi don ki rage tsawo. Shi ne zai sa mutum ya turo yau maimakon ya ce sai anjima, ke kuma ki wayi gari Juma'a kin san kwando nawa za ki haɗa, ba ki saro kaya a kan tsammani su ruɓe a hannunki ba.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne cewa "kayan da za su kai ki sati". Albasa, karas da kabeji za su kai, har su wuce in an adana su da kyau. Alayyahu da latas kuwa in ba firji, kwana ɗaya biyu sun yi yaushi, ko a firjin ma alayyahu 'yan kwanaki ne. Kwastoma ta ga ganye ya langwaɓe ran Litinin, ba za ta kira ki ba, sati na biyu kawai za ki ji ta shiru. Don haka a rubutun da zai bi muryar ki saka layi ɗaya: a fara amfani da ganye, karas da kabeji su biyo baya. Wajen haɗa kwandon ma ki raba nunannen tumatir da ganye, don tumatir yana fitar da wata iska mai sa ganye da kokwamba su yi rawaya da wuri, kuma ki haɗa tumatir ɗin rabi nunanne rabi mai ɗan tauri yadda zai nuna a hankali cikin satin.

Sai batun lokacin kaya. Ba kowane wata ake samun komai ba, shi ya sa tsayayyiyar tallar ki bar ta da rana, lokaci da yadda ake oda, jerin kayan kuma ki riƙa turo na kowane sati tun Talata ko Laraba, da hoton ainihin kwandon da za ki kai, ba wanda kika ɗauko a intanet ba. In wani abu ya yanke ki faɗi abin da zai maye gurbinsa kafin a biya.

Bayan kin saki tallar ki duba tambayoyin da ke shigowa. In mutum uku sun ce "nawa ne?" ko "kuna zuwa ɓangarenmu?", to wannan bayanin ne babu a ciki ko kin faɗe shi da sauri, ki sake ɗauka ki ambaci unguwannin da kike kaiwa da sunansu. In kuma ana tambaya amma ba a yin oda, yawanci tsoron ɗaure kai duk sati ne, sai ki ƙara cewa ana iya gwada kwando ɗaya, kuma duk satin da mutum ba ya so ya faɗa kafin Alhamis ɗin a tsallake shi.