Bambancin R da U a kayan tare zafi

"Don Allah jama'a wai meye R-value da U-value? Zan sayi kayan tare zafi na rufi, kowane da lambarsa, na rasa wanda ya fi."

To malam, R dai shi ne yadda abu yake hana zafi ratsa shi, in ya yi yawa ya fi kyau. U kuma kishiyarsa ne, yawan zafin da ke wucewa ta kowace murabba'in mita in aka samu bambancin digiri 1 tsakanin ciki da waje, shi ƙarami ake so. Haɗinsu U = 1/R, amma fa R ɗin duka rufin ake nufi, har silin da iskar da ke manne da shi, ba na katifar kaɗai ba.

Duba jikin ledar kayan za ka ga λ, wato lambar da ke nuna yadda zafi ke ratsa kayan, ka raba kauri a mita da shi, abin da ka samu shi ne R ɗinsa. Misali audugar gilas mai kauri milimita 100, λ ɗinta 0.040, wato 0.1/0.040 = 2.5. Allon kumfa mai tauri kuma milimita 60 kacal amma λ 0.022, ya ba ka kusan 2.7, ka ga siririn ya doke mai kaurin, shi ya sa ni bana yarda da ido a wannan harka.

Inda ake cutuwa shi ne ma'auni, R na Amurka ya ninka na mita kusan sau 5.68, in ka ga R-13 kar ka ruɗe, 2.3 ne kawai, bai ma kai audugar can ba. Sannan in mai aiki ya danne audugar ya cusa ta a wuri matsattse ko ruwa ya jiƙa ta, wannan 2.5 ɗin a takarda kawai ya rage.