Yadda na gano dilan da cajarsa ke ƙonewa

"Salamu alaikum 'yan uwa. Kayan waya nake sayarwa, kuma wurin diloli uku nake sari. Kwanan nan ana yawan dawo mini da caja wai ba ta yi. Ya zan gane kayan wanne ne ke ba ni matsala?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma sana'ata ke nan a kasuwar Beirut ta Kano, kuma na taɓa kusan rabuwa da dila mai gaskiya saboda wannan magana.

Kafin lissafi, ka sa wa kayan alama. Da zarar ka buɗe katan, ka sa alƙalamin maka ka rubuta harafin dila da watan sari a jikin kan cajar, ba a kwali ba, domin kwastoma ba ya dawowa da kwali. Caja iri ɗaya daga hannu uku, in babu alama ko kai ba za ka bambance su ba.

Ga abin da ya faru da ni. Cikin wata biyu aka dawo mini da caja 20 ta dila na farko, 11 ta na biyu. Ina ganin tarin ashirin ɗin nan a leda raina ya ɓaci. Da na duba littafi sai na ga 400 na sayar daga kayan na farko, wato biyar cikin ɗari. Na biyun kuwa 90 kacal, wato sama da sha biyu cikin ɗari. Abin da aka dawo da shi za ka raba da abin da ka sayar, ka ninka da 100.

Sannan duk wadda aka dawo da ita ka jona ta a gaban mai ita, ka rubuta dalili. Cikin 20 ɗin nan, 12 lafiyarsu ƙalau, yarona ne ya ba masu wayar Type-C igiya mai tsohon baki. Wannan laifin shagona ne. Takwas ne suka lalace, biyu cikin ɗari ke nan. Na biyun kuwa goma cikin sha ɗaya sun mutu, kuma ciwonsu ɗaya: kan ya yi zafi, ya fara wari, shi ke nan. In ciwo ya zama iri ɗaya haka, galibi daga katan ɗin ne, ba wutar gidan kwastoma ba.

Sai dai kada ka yanke hukunci a kan kaya kaɗan. Ɗaya cikin sha biyu ba hujja ba ce. Ni sai na sayar da hamsin nake duba lissafi. Kuma irin wannan caja sai ta yi sati biyu ko uku take nuna halinta, shi ya sa nake ɗora ta a kan katan ɗin da ta fito, ba watan da aka dawo da ita ba. Ka kuma tuna wanda ya saya ya koma ƙauye ba zai biya kuɗin mota don caja ba, jefarwa zai yi.

Goman nan na kai wa dilan da littafina. Ya fara cewa wutar NEPA ce, na ce, "Alhaji, kayan ɗan uwanka ma ita suke sha." Ya canza mini su, ya karɓi 60 da suka rage a katan.